Tambayoyi da amsoshi ga mai fara shan maganin tarin fuka: wace illa ake jurewa, wacce ake tsayar da magani saboda ita

Waɗannan tambayoyi ne da masu jinya da 'yan uwansu ke yawan yi wa masu harhaɗa magunguna a Jos ranar da aka miƙa musu maganin tarin fuka, da kuma makonnin da ke biyo baya. Bayanin ya shafi babban mutum mai tarin fukar huhu, irin wanda maganin farko ke ci. Ƙa'idar yara ƙanana da ta masu tarin da ya bijire wa magani daban ce, don haka kada su ɗauki adadin da ke nan.

Mene ne a cikin ƙwayoyin nan, kuma wata nawa zan yi ina sha?

Wata shida ne, kashi biyu. A wata biyun farko za ka sha ƙwayar da aka rubuta wa RHZE a jikin kwalinta. Magani huɗu ne aka cure wuri ɗaya: rifamfisin miligiram 150, isoniyazid 75, firazinamid 400, da itambutol 275 a kowace ƙwaya. Daga nan sai a sauya maka zuwa wadda aka rubuta wa RH, mai ɗauke da rifamfisin 150 da isoniyazid 75 kaɗai, ka yi wata huɗu a kanta. Idan cutar ta taɓa ƙwaƙwalwa ko ƙashi, maganin yakan kai wata goma sha biyu.

Yawan ƙwayar da za ka haɗiya yana bin nauyin jikinka, shi ya sa ake ɗora ka a sikeli kafin a ba ka komai. Mutum mai kilo 58 yana shan ƙwaya huɗu a rana, duka a lokaci ɗaya, ba biyu da safe biyu da dare ba. A lissafin katin magani ana ɗaukar wata a matsayin kwana 28, ke nan zai sha na farko sau 56, na biyu sau 112, jimla 168. Abin da ake ƙirgawa shi ne sau nawa maganin ya shiga ciki, ba sau nawa wata ya tsaya ba. Kuma da yake mutum yakan yi ƙiba idan ya fara samun sauƙi, a riƙa auna nauyi duk zuwa karɓar magani, domin wani lokaci sai an ƙara ƙwaya ɗaya.

Maganin kyauta ne a cibiyoyin DOTS, wato wuraren ba da maganin tarin fuka, da ke ƙarƙashin shirin yaƙi da tarin fuka da kuturta na ƙasa. Akwai su a manyan asibitocin gari da ƙananan asibitocin unguwa da yawa. Kada ka saye shi a kemis ko a kasuwa.

Me ya sa sai magani huɗu? Ɗaya mai ƙarfi ba zai wadatar ba?

Ba zai wadatar ba. Ƙwayoyin cutar da ke cikin huhu mai rami sun kai miliyoyi, kuma a cikinsu ba a rasa 'yan ƙalilan da magani ɗaya bai ci. Idan ka sha rifamfisin kaɗai, sauran za su mutu, waɗancan 'yan ƙalilan su hayayyafa, bayan 'yan watanni ka wayi gari da tarin da rifamfisin ba ya yi wa komai. Amma abu ne mai wuya a sami ƙwayar cutar da ta gagari magunguna huɗu a lokaci guda.

Kowanne kuma da aikinsa. Isoniyazid ne ke karkashe masu saurin hayayyafa a kwanakin farko, shi ya sa zazzaɓi ke sauka da wuri. Rifamfisin da firazinamid su ke bin waɗanda suka lafe ba sa motsi sosai. Itambutol kuwa mai gadi ne, yana hana cutar samun kafar bijirewa sauran.

Wane lokaci ya fi dacewa in sha, kuma zan iya haɗa shi da abinci?

Da safe, ciki babu komai, da ruwa kofi ɗaya cikakke. Ka jira kamar awa ɗaya kafin ka karya. Idan ba zai yiwu ba, ko rabin awa ne. Idan ka riga ka ci abinci, ka bari awa biyu ta wuce. Abinci, musamman mai maiƙo, yana rage yawan rifamfisin da isoniyazid da ke shiga jini. Ga Musulmi, shan maganin da an idar da sallar asuba ya fi sauƙin riƙewa: kafin a dama koko a soya ƙosai, awa ɗayar ta cika. Ga wanda ke fita aiki da sassafe, ya ajiye maganin da ruwa kusa da shimfiɗa tun da dare, inda hannun yara ba ya kai wa.

Kada ka ɓare ƙwayoyin daga ledarsu ka zuba a kwalba ko a takarda don sauƙin ɗauka. Itambutol yana jan danshi, kuma da damina a Jos ƙwayar da aka ɓare takan yi laushi ta lalace. Ka ɓare ta a lokacin da za ka sha. Kada kuma ka bar kwalin a cikin mota ko kusa da murhu.

Idan shan maganin a ciki wayam yana sa ka amai, akwai mafita a amsar da ke kan tashin zuciya.

Fitsarina ya koma ja-ja kamar ruwan lemo. Jini ne?

Ba jini ba ne, launin rifamfisin ne. Yana fita a fitsari, da gumi, da hawaye, da yawu, har singileti yakan nuna. Ya fi ƙarfi 'yan awanni bayan shan magani, zuwa yamma ya dusashe, kuma yana ɓacewa gaba ɗaya idan an gama magani. Ba a tsayar da magani saboda shi. Hasali ma ma'aikacin lafiya yakan gane mutum na shan maganinsa idan ya ga wannan launi.

Abin lura shi ne bambancinsa da fitsarin ciwon hanta. Na rifamfisin mai haske ne, yana zuwa yana tafiya a yini. Na hanta duhu ne kamar shayi ba madara, ba ya washewa daga safe har dare, kuma yakan zo da kasala, da ƙin abinci, da sauyin launin ido. Da yake fitsarin mai shan wannan magani ya riga ya rine, ido ne abin dubawa, ba fitsari ba.

Ina jin tashin zuciya, wani lokaci har da amai. In daina?

Tashin zuciya mai sauƙi a mako ɗaya ko biyun farko abu ne da aka saba gani, kuma yakan lafa da kansa. Haɗiye ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya kana kurɓar ruwa, ba sai ka watsa huɗun a baki lokaci guda ba. Idan bai yi ba, sha da ɗan abu marar maiƙo, kamar rabin kofin koko ko gutsuren burodi. Idan har yanzu, a mayar da shan maganin lokacin kwanciya, awa biyu bayan tuwon dare. Maganin da aka sha da ɗan koko ya zauna a ciki ya fi wanda aka sha a ciki wayam aka amayar.

Idan ka yi amai nan take, cikin kamar rabin awa, ka kuma ga ƙwayoyin a ciki, ka huta zuciya ta kwanta sannan ka sake sha. Idan an daɗe, kada ka maimaita. Kada ka haɗa maganin da farin ruwan nan na olsa, domin yana riƙe magani a ciki ya hana shi shiga jini, musamman itambutol. A bar awa huɗu a tsakaninsu.

Wanda ba a yi wa haƙuri shi ne aman da ya ƙi tsayawa, ko tashin zuciyar da ya dawo sabo bayan ka riga ka saba da maganin. Wannan a duba amsa ta gaba.

Ta yaya zan gane maganin ya taɓa mini hanta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce nauyi a shafin nan. Uku daga cikin magungunan huɗu, wato firazinamid, isoniyazid da rifamfisin, duk suna iya kumbura hanta, kuma abin ya fi faruwa a wata biyun farko. Alamun sukan fara a hankali: abinci ya fita daga kai bayan da ya dawo, kasala ta ƙaru, zuciya ta riƙa tashi, a ji nauyi ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Daga baya farin ido ya koma ruwan ɗorawa, wato shawara. Duk safiya ka fita hasken rana, ba hasken ƙwan lantarki ba, ka sa wani ya ja fatar idonka ya duba. Idan ido ya sauya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko mutum ya fara ruɗewa yana barci ba ƙa'ida, a tsayar da maganin duka a tafi asibiti a ranar. Ba a jiran ranar da aka rubuta a kati.

Ga yadda abin ke tafiya. A ɗauka mai tuƙa Keke Napep ne daga Anguwan Rogo, mai kilo 58, yana shan ƙwaya huɗu. A mako na biyu ya ji daɗin jikinsa, yana cin abinci. A mako na huɗu sai ga tashin zuciya ya dawo, ya kwana biyu ko gwate ba ya iya sha, matarsa ta ce idonsa ya sauya. A asibiti za a ɗebi jini a yi gwajin hanta, a duba abin da ake rubutawa ALT a takardar sakamako. Idan iyakar lafiya a wannan ɗakin gwaji 40 ce, ƙa'idar ita ce a tsayar da magani idan ya haura ninki uku, wato 120, ga mai alamu, ko ninki biyar, wato 200, ko da babu alamar komai. A ce nasa ya fito 310. Za a tsayar da komai, a gwada shi ciwon hanta nau'in B da C, a tambaye shi giya, da farasitamol, da maganin gargajiya. Sai a jira ido ya washe gwaji ya sauko, abin da yakan ɗauki mako ɗaya zuwa 'yan makonni. Idan tarin nasa mai tsanani ne da ba zai iya jira ba, likita zai ɗora shi a kan wasu magungunan da ba su cika taɓa hanta ba kafin lokacin.

Dawowa kuma ba da ƙwayar haɗin nan ake yi ba. Ana dawo da su ɗaya-ɗaya: rifamfisin tukuna, bayan kwana uku zuwa bakwai a ƙara isoniyazid, ana bin jini. Sau da yawa idan shawarar ta yi ƙarfi ba a dawo da firazinamid, sai a tsawaita magani zuwa wata tara. Ka ga ke nan wanda ya zo da wuri yana gama maganinsa lafiya. Wanda ke shiga haɗari shi ne mai ci gaba da sha da ido ruwan ɗorawa don an ce masa kada ya tsallake ko rana ɗaya, da kuma wanda ya daina a gida shiru ya koma jiƙe-jiƙen shawara.

Waɗanda suka fi buƙatar a sa musu ido: masu ciwon hanta nau'in B ko C, masu shan giya, tsofaffi, masu cuta mai karya garkuwar jiki, masu juna biyu da masu jego, da waɗanda suka rame sosai. Idan kana cikinsu, ka faɗa tun ranar farko don a yi gwajin hanta kafin a fara.

To giya fa, da maganin gargajiya, da farasitamol?

Giya a bar ta gaba ɗaya har a gama, ko ta kwalba ce, ko burkutu, ko goskolo. Tana ƙara wa hanta nauyi a kan wanda magani ya ɗora mata, tana ƙara matsalar jijiyar ƙafa, kuma mai maye da dare ba ya tashi shan magani da asuba. Wanda ya san ba zai iya dainawa farat ɗaya ba ya faɗi gaskiya. Ba za a hana shi magani ba, za a dai ƙara sa ido a kan hantarsa. Sigari da shisha ma a bar su, huhun da ke warkewa ba ya son hayaƙi.

Jiƙo da garin magani da ake saidawa a jarka ba mu san abin da ke cikinsu ba, kuma idan hanta ta kumbura ba za a iya rarrabe mai laifi ba, sai a tsayar da maganin tarin. Zuma, da addu'a, da tofi ba su da matsala. Farasitamol ana iya sha jefi-jefi gwargwadon yadda aka rubuta maka, ba kullum ba, kuma ka sani magungunan mura da na ciwon jiki da yawa suna ɗauke da shi a ciki. Wani abu kuma: kada ka sayi sifurofulokzasin ko lebofulokzasin a kemis don taifot ko tari. Danginsu ne ake ajiyewa don tarin da ya bijire, kuma shan su barkatai yana lalata wannan dama.

Tafin ƙafata yana zugi, kamar ana soka mini allura. Mene ne?

Isoniyazid ne yake rage wa jiki bitamin B6, jijiyoyi su fara kuka. Yakan fara daga yatsun ƙafa biyu a tare, ya fi damu da dare, wasu su ce kamar suna taka auduga, wasu takalmin silifa ya zame ba su ji ba. Ba a tsayar da maganin tarin saboda wannan, amma kuma ba a yin shiru, don idan ya daɗe yana da wuyar komawa. Maganinsa bitamin B6, wanda ake kira firidokzin. Na riga-kafi miligiram 10 zuwa 25 ne a rana. Idan zugin ya riga ya fara, ana ɗaga shi zuwa 50 ko 75. Masu ciwon suga, masu cuta mai karya garkuwar jiki, masu juna biyu da masu shayarwa, masu ciwon ƙoda, masu shan giya da ramammu su nemi a ba su tun ranar farko. Ƙwayar bitamin haɗin gambiza da ake saidawa a kemis sau da yawa B6 ɗin cikinta bai kai wannan adadi ba.

Gaɓoɓina suna ciwo, jikina kuma yana ƙaiƙayi.

Ciwon gwiwa, kafaɗa da idon sawu yawanci aikin firazinamid ne, kuma sanyin Jos yana ƙara fito da shi. Sha ruwa sosai, a ba ka maganin rage ciwo da ya dace da cikinka da ƙodarka, ka ci gaba da magani. Yana tafiya idan an shiga wata na uku, tunda babu firazinamid a ƙwayar RH. Amma gaɓa ɗaya da ta kumbura ta yi zafi ba ta taɓuwa, musamman babban yatsan ƙafa, a nuna wa likita.

Ƙaiƙayi ba tare da ƙuraje ba, a shafa mai, a sha maganin ƙaiƙayi irin su firiton da dare, a ci gaba. Da zarar ƙuraje sun feso, maganar ta sauya: a tsayar da maganin a je a duba. Idan kuwa sun zo da zazzaɓi, ko fata tana ɗayewa, ko baki da ido da al'aura sun yi gyambo, ko fuska ta kumbura numfashi yana wuya, wannan na gaggawa ne ko da tsakar dare. Haka ma ɗigo-ɗigon jini a ƙarƙashin fata, haɓo, dasashi mai zubar jini, ko fitsari ya ragu ƙwarai. Waɗannan na ƙarshe ba su da yawa, amma idan rifamfisin ne ya jawo su ba a sake ba mutum shi.

An tambaye ni ko ina gani da kyau. Me ya haɗa tari da ido?

Itambutol ne. A wasu mutane ƙalilan yana taɓa jijiyar gani, ya fi yawa ga masu ciwon ƙoda da tsofaffi. Ba ya ciwo, ido ba ya ja, shi ya sa ake makara. Gani ne ke yin hazo, ko a ga wani duhu a tsakiyar abin da ake kallo, ko ja da kore su fara rikicewa. Tun ranar farko ka zaɓi wani rubutu a bango, kamar kalanda, ka tsaya a wuri ɗaya ka karanta da ido ɗaya a rufe, sannan ɗayan. Ka maimaita duk mako. Direba ya lura da fitilar kan titi. Idan ka ga sauyi, tsayar da magani ka je a ranar ko washegari. Idan an cire itambutol da wuri gani yakan dawo, idan an ci gaba yana iya tafiya ke nan.

Ina shan wasu magungunan. Za su yi karo?

Mai yiwuwa ne ƙwarai. Rifamfisin yana sa hanta ta riƙa narkar da wasu magunguna da sauri, sai ƙarfinsu ya ragu ba tare da mutum ya ji komai ba. Ka zo da duk abin da kake sha a leda ɗaya a duba.

Mai shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki, ƙwayar nan ɗaya ta TLD, yana buƙatar ƙarin dolutegirabir, ɗaya daga cikin magungunan da ke cikinta, miligiram 50 bayan awa 12 da shan ta. Idan yana shan TLD da ƙarfe takwas na dare, ƙarin na ƙarfe takwas na safe ne. Ana ci gaba da ƙarin har mako biyu bayan gama maganin tarin, domin hanta ba ta komawa daidai nan take. Wanda ke kan wani haɗin daban, kada ya fara sai asibitin da ke ba shi magani ya duba. Masu ciwon suga su yawaita awo, domin gilibenkilamid da danginsa suna raguwa da ƙarfi. Masu hawan jini da ke kan amlodifin ko nifedifin su riƙa auna jini, wani lokaci sai an sauya magani. Masu farfaɗiya da masu shan warfarin na tsinka jini, likitansu ya sani tun kafin a fara. Ko maganin zazzaɓin cizon sauro mai ƙwaya 24 ɗin nan ƙarfinsa yana raguwa, don haka a faɗa wa duk mai rubuta magani cewa ana kan maganin tarin fuka.

Ni mace ce ina tazarar haihuwa. Idan kuma ina da ciki ko ina shayarwa fa?

Ƙwayar tazarar haihuwa ta kullum da ashanar fata ba abin dogaro ba ne muddin kina kan rifamfisin, har zuwa wata ɗaya bayan gamawa. Mata sukan ɗauki ciki a haka suna ganin sun kiyaye. Robar mahaifa tana aikinta, allurar wata uku ma ana amfani da ita amma kada ki makara ko kaɗan, ko kuma maigida ya yi amfani da kororon roba. Ki je sashen tazarar haihuwa a makon farko.

Idan kina da ciki, ki sha maganinki. Magungunan nan huɗu ana ba masu juna biyu, kuma tarin da ba a yi wa magani ba ya fi cutar da ɗan da ke ciki. Ki karɓi bitamin B6, ki sanar da masu awon ciki. Shayarwa ma ki ci gaba. Abin da ke bi ta nono kaɗan ne, ba ya cutar da jariri, ba ya kuma kare shi, saboda haka a kai shi a duba ko yana buƙatar maganin riga-kafi.

Na ji sauƙi sarai bayan mako uku. Dole sai na cika wata shida?

Dole ne. Abin da ya mutu a makonnin farko masu saurin hayayyafa ne, su ke kawo zazzaɓi da gumin dare. Waɗanda suka lafe suna nan, kuma ba sa mutuwa sai a 'yan lokutan da suka motsa suka tarar da magani a jini. Kamar ƙiri-ƙiri ne a gona: an nome ganye, saiwa tana ƙasa tana jiran ruwa. Wata huɗun ƙarshe, lokacin da mutum ke jin garau yana ganin ba ya buƙatar komai, su ne ke hana tarin dawowa.

Wanda ya riƙa sha yana bari kuma yana kiwon ƙwayar cutar da ta bijire wa magani. Ana warkar da irin wannan tarin, kuma tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin wata shida ga da yawa daga cikin masu shi, amma magungunansa sun fi wahalar da jiki, ana bin zuciya da jini da jijiyoyi, wasu kuma sai sun yi wata tara ko goma sha takwas. Sannan duk wanda ya ɗauka daga gare ka, ko ɗanka ne, mai bijirewar zai ɗauka.

Na manta ban sha ba. Ko kuma tafiya ta kama ni. Yaya zan yi?

Idan ka tuna a ranar, ka sha, ka koma lokacinka washegari. Idan sai gobe ka tuna, ka sha na goben kawai, kada ka ninka. Kada ka yi alama a kati a ranar da ba ka sha ba; a bar gurbin, a ƙara kwanakin a ƙarshe. Idan kwanaki da yawa ne suka wuce, kada ka ci gaba da kanka. Ka koma cibiyar ka faɗi ainihin kwanakin, domin hukuncin ya danganta da tsawon tsaikon da kuma ko a wata biyun farko ne. Tsaikon mako biyu a farkon magani yana iya sa a koma daga tushe. Wanda ya yi wata biyu cur ba ya sha, sai an sake gwajin kaki an duba ko rifamfisin yana ci har yanzu kafin a ba shi komai. Dawo da rifamfisin bayan tsaiko kuma yakan jawo zazzaɓi da makyarkyata kamar mura, wani dalilin ke nan na yin sa a gaban ma'aikaci.

Yawancin tsallake ba mantuwa ba ce, ƙarewar magani ce. Ka je karɓa tun da sauran na kwana uku a hannu. Idan za ka tafi biki, ko fatauci, ko gona ta yi kira, ka faɗa tun da wuri a ba ka na kwanakin. Idan ƙaura ce zuwa Abuja ko Bauchi ko ƙauye, a rubuta maka takardar sauya cibiya ka tafi da katinka. Ka kuma zaɓi mutum ɗaya a gida, mai iya ce maka ka sha ba ya jin nauyinka, ya riƙa ganin ka haɗiye kafin ya yi alama. Idan an sami rufe hanya ko dokar hana fita, cibiyar DOTS mafi kusa za ta iya taimakawa idan kati yana hannunka.

Azumi fa?

Tunda sau ɗaya ake sha a rana, ana iya mayar da shi kafin sahur: a tashi da wuri, a sha magani, a jira rabin awa zuwa awa ɗaya, sannan a ci abinci. Ba a shan sa a kan buɗa-baki mai maiƙo. Amma a wata biyun farko, ga wanda ya rame, ko mai ciwon suga, ko mai shan ƙarin dolutegirabir, shawararmu ya ɗauki rangwamen da addini ya yi wa marar lafiya ya rama daga baya. Kirista mai azumin kafin Ista ma haka, ya sassauta azumin, kada ya taɓa lokacin magani.

Yaushe zan daina yaɗa wa iyalina, kuma yaya za a san na warke?

Idan maganin yana ci kuma ana sha kullum, yaɗuwar tana raguwa sosai cikin kamar mako biyu. Kafin nan ka rufe baki in za ka yi tari, ka sa takunkumi a cikin mutane, kada ka kwana ɗaki ɗaya da ƙananan yara in da hali. Ta iska cutar ke bi, ba ta kwano ko cokali ba, don haka ba sai an ware maka kwanon abinci ba. Taga ce abin kula. Da hunturu a Jos ana toshe ko'ina saboda sanyi, to a ƙara bargo a bar iska tana ratsawa, da rana kuma a buɗe ɗakin rana ta shiga. Duk wanda kuke kwana gida ɗaya a kawo shi a duba, musamman yara 'yan ƙasa da shekara biyar da masu cuta mai karya garkuwar jiki. Akwai maganin riga-kafi na wata uku ko shida ga wanda aka tabbatar cutar ba ta tashi a jikinsa ba.

Warkewa kuwa kaki ne ke nuna ta, ba jin daɗin jiki ba. Ana gwada shi a ƙarshen wata na biyu, da na biyar, da na shida. Ka kawo na asuba, wanda ya fito daga ƙirji bayan ka kurkure baki da ruwa, ba yawu ba. Idan na wata biyu ya nuna cutar tana nan, ba lallai magani ya gaza ba, za a bincika yadda kake sha a kuma gwada ko ta bijire. Idan na wata biyar ne ya nuna, to wannan haɗin bai yi ba, sai an sauya. Wasu, musamman waɗanda suka daɗe suna haƙar kuza ko fasa dutse, tari da haki ba sa barinsu gaba ɗaya ko an kashe cutar, saboda tabo da ƙurar da ke huhu. Su ci gaba da zuwa asibiti. Bayan an sallame ka, ka adana katinka, kuma idan tari na mako biyu, ko rama, ko gumin dare suka dawo, ka tafi da shi a sake gwajin kaki kafin ka sha kowane irin magani.